Injin wanki mai baki biyu ko otomatik, a gidan da famfo ke zuwa sa'i da lokaci?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan injin wanki. Adashina zai fito ƙarshen watan nan kuma na ƙudurta injin zan saya, don wankin yara huɗu ya fara fin ƙarfin bayana, ga yunifom na boko ga na islamiyya ga zannuwan gado. Matsalar ita ce ruwa. Muna haya ne a Kano, gidan ƙasa, famfon gwamnati sai ya ga dama yake zuwa, galibi cikin dare kuma a tsiyaye. Akwai tanki da mai gidan ya ɗora a tsakar gida, in famfo ya zo yana ɗan taruwa, in bai zo ba sai mu sayi kura wajen 'yan garuwa. Baban yara ya ce in za a saya a sayi otomatik gaba ɗaya a huta, ni kuma maƙociyata ta ce kar in kuskura, in sayi mai baki biyu, wato mai wajen wanki daban da wajen matsewa daban. Wanne zai yi min?

Anti Bilki: Wa'alaikumus salam. Mai baki biyu kawai 'yar uwa, kar ki tsaya dogon tunani. Shi nake amfani da shi kuma ko famfo ba mu da shi a gidan, rijiya ce. In ja ruwa in zuba da bokiti in murɗa, shi ke nan.

Ummu Sudais: Ni kam ban goyi baya ba. Ai ta ce bayanta ke ciwo. Mai baki biyu fa ke za ki ɗauko bokitin ruwa ki ɗaga ki zuba, ke za ki tsamo jiƙaƙƙun kaya ki mayar wajen matsewa, ki sake dawo da su ɗauraya, ki sake mayarwa. Jiƙaƙƙen zanin gado nauyi ne da shi ba kaɗan ba. Nawa mai ƙofa a gaba ne, ina zuba kaya in danna in tafi kicin, sai ya yi ƙara in zo in shanya. Wallahi wanda bai taɓa amfani da shi ba bai san hutun da ke ciki ba.

Anti Bilki: Ke ai bohal gare ku Ummu Sudais, kuma tankinku yana saman bene. Ba ɗaya ba ne da nata.

Baban Abba: Ai tunda akwai tanki magana ta ƙare. Otomatik ba ruwansa da ko ruwan gwamnati ne ko na kura, shi dai ya ga ruwa a tiyo. Abin da kawai za ku duba girman tankin, in ƙarami ne ku sa mai gida ya canza babba ko ku haɗa kuɗi, don babban tanki shi ke ba da firesha. Lita 2000 ya isa ya tura kowane inji.

Sani Mai Gyara: Salam. Hajiya Maman Ilham, aikina ke nan, gyaran firij da injin wanki, bari in ɗan yi bayani. Alhaji Baban Abba, rabin maganarka haka take, injin bai san daga inda ruwa ya fito ba. Amma girman tanki ba shi ke ba da ƙarfin ruwa ba, tsayin da aka ɗora shi ne. Tanki mai lita 500 a saman bene ya fi mai lita 5000 da ke ajiye a ƙasa turo ruwa da ƙarfi. Lissafin da muke yi shi ne duk tsayin mita 10 yana ba da bar 1. Yawancin otomatik masu ƙofa a gaba in kin buɗe littafinsu za ki ga an rubuta mafi ƙarancin ƙarfin ruwa wajen 0.5 bar, wasu suna rubuta shi 0.05 MPa ko 50 kPa, duk abu ɗaya ne, wato ruwan ya zama ya gangaro daga tsayin mita 5 sama da inda tiyo ke shiga injin. Wasu ma bar 1 cur suke nema. Masu buɗewa ta sama sun ɗan fi haƙuri, akwai waɗanda ke karɓar 0.3.

Dalilin kuwa, a bayan otomatik akwai wani bawul mai aiki da wuta wanda shi ke buɗe wa ruwa hanya, kuma yadda aka ƙera shi ƙarfin ruwan ne da kansa ke taya shi ɗaga robar da ke ciki. In ruwan ba ƙarfi sai ya buɗe rabi-rabi, ruwa na shiga kaɗan-kaɗan, injin kuma yana ƙirga lokaci, in mintunan da aka saka masa suka cika ruwa bai kai inda yake so ba sai ya tsaya ya nuna alama a fuskarsa. A LG za ki ga `IE`, a Samsung `4C` ko `4E`. Mutane da yawa suna kirana wai inji ya lalace, in je in tarar lafiyarsa ƙalau, ruwa ne bai ishe shi ba. Don haka Hajiya, tankin nan naku a kan me aka ɗora shi, kuma tsayinsa ya kai nawa?

Maman Ilham: Na gode Malam Sani. A kan ƙarfe yake, baban yara in ya tsaya kansa yana kusan taɓa gindin tankin, in ce dai mita biyu. Shi kansa tankin tsayinsa zai kai kafaɗata.

Sani Mai Gyara: To mu lissafa tare. Ƙarfe mita 2, in tanki ya cika maƙil a ƙara kamar mita ɗaya da rabi na ruwan da ke ciki, ya zama uku da rabi. Sai a cire tsayin inda tiyo ke shiga bayan injin, wajen mita 1 daga ƙasa. Saura mita biyu da rabi, wato 0.25 bar, kuma wannan ranar da tanki ya cika ke nan. Ranar da ruwa ya yi ƙasa ya kusa ƙarewa, mita 1 kawai ya rage miki, 0.1 bar. Kin ga ko ranar da ya cika ba ki kai 0.5 bar ɗin da mai ƙofa a gaba yake nema ba, kuma ban ma sa abin da dogon bututu da lanƙwasa-lanƙwasa ke cinyewa ba. Ko an canza tankin da babba, in dai a kan ƙarfen nan zai zauna, kusan nan lissafin zai tsaya.

Baban Abba: Amma Malam Sani nawa tankin bai fi mita huɗu ba kuma otomatik ɗina mai buɗewa ta sama yana aiki shekara da shekaru. Sai dai yana daɗewa wajen ɗibar ruwa. Ni a ganina masu littafin nan suna ƙara gishiri ne kawai.

Sani Mai Gyara: Mita huɗu da mai buɗewa ta sama ai kana kan iyaka Alhaji, shi ya sa yake yi amma yana daɗewa. Nata mita biyu ne. Kuma ka lura da abu ɗaya, bawul ɗin da ba ya samun ƙarfin ruwa wani lokacin ba ya rufewa ruf, sai ka wayi gari ka ga ruwa ya taru a cikin injin alhali a kashe yake. In ka taɓa ganin haka to shi ne. Ka dinga rufe kan famfon bayan an gama wanki.

Hajiya Mairo Kaduna: Don Allah tunda ana maganar, wanne ne yake busar da kaya ƙarau a fito da su a goge? Damina ta kusa, kaya sai su kwana biyu a igiya suna warin danshi.

Ummu Sudais: Hajiya duk biyun matsewa suke yi ba busarwa ba. Mai busarwa da zafi daban ne kuma yana shan wuta sosai. Amma in aka matse da inji ko a ɗaki kika shanya ƙarƙashin fanka zuwa yamma ya bushe.

Anti Bilki: Kuma wajen matsewa mai baki biyu ba ya wasa Hajiya, ɗan bakin nan ƙarami gudu yake yi sosai, yunifom in ya fito a ciki awa ɗaya a rana ya isa.

Maman Ilham: To Malam Sani ba yadda za a yi ke nan da otomatik sai an ɗaga tanki? Don mai gidan nan ba zai yarda a taɓa masa ƙarfe ba.

Sani Mai Gyara: Akwai hanya, ana sa ɗan ƙaramin famfon wuta da muke ce wa busta, tsakanin tanki da injin. Ƙananan ba su wuce wat 100 zuwa 120 ba, kuma akwai mai kunna kansa da ya ji ruwa ya fara tafiya, ya kashe kansa in an rufe. Da shi ko tanki a ƙasa yake otomatik zai sha ruwa. Amma ki san abin da kika ɗauko: kuɗin busta, kuɗin mai haɗa famfo, ga kuma sharaɗin kar tanki ya ƙafe yana aiki, don in ya yi ta juyawa ba ruwa ƙonewa yake yi. Kuma tankin na gidan haya ne, ban sani ba ku nawa ke sha a ciki. Otomatik in ya fara wanki yana buƙatar ruwa sau uku ko huɗu a lokuta daban-daban cikin awa ɗaya zuwa biyu, in maƙota suka kwashe ruwan yana tsakiyar aiki, zai tsaya da kayanki cikin kumfa.

Maman Ilham: Mu uku ne a gidan, kowa da iyalinsa, kuma gaskiya ana yawan samun saɓani a kan ruwan tankin nan, wanda ya riga tashi shi ke cika robobinsa.

Anti Bilki: Kin gani ko. Ranar da suka ga inji yana zuƙar ruwan tanki da famfon wuta ai sai an kai ƙara wajen mai gida.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, ni daga Zinder nake, matsalar ruwa kam mun san ta tun muna yara. Abin da nake so a faɗa mata shi ne lissafin ruwan kansa, don mu nan da bido, wato jarka, muke saye kuma kowane bido kuɗi ne. Ni na ji an ce otomatik ya fi shan ruwa nesa ba kusa ba, shi ya sa na saya wa uwargida mai baki biyu. Haka ne ko ba haka ba?

Sani Mai Gyara: Ya danganta da wane otomatik ɗin, don iri biyu ne kuma shan ruwansu ba ɗaya ba. Mai buɗewa ta sama cika tukunyarsa yake yi har ruwa ya rufe kaya, ya zubar, ya sake cikawa don ɗauraya sau biyu, wanki ɗaya zai iya cin lita 100 zuwa 150. Mai ƙofa a gaba ba ya cikawa, ɗan ruwa yake ɗiba a ƙasa yana ɗaga kayan yana sakowa a ciki, mai kilo 7 yana gama komai da lita 50 zuwa 60. Gaskiyar magana duk cikin ukun shi ya fi tattalin ruwa, ko da yake shi ya fi neman firesha.

A ce ranar Asabar Hajiya tana da wanki zubi uku, farare, masu kala, sai masu duhu da wandunan yara. Jarkar 'yan garuwa lita 25 ce. Mai ƙofa a gaba, zubi uku wajen lita 165, jarka bakwai ke nan. Mai buɗewa ta sama in mun ɗauki 120 kowane zubi, lita 360, jarka goma sha huɗu da ɗoriya, ya fi kura guda a wurare da yawa. Mai baki biyu kuma yana hannun mai amfani da shi. Cikawa ɗaya kamar jarka biyu ce a matsakaici. In za ta zubar da ruwa duk zubi ta yi ɗauraya bibbiyu, to jarka shida sau uku, goma sha takwas, ya ma fi na saman ci. Amma ba haka masu shi ke yi ba. Ruwan omo ɗaya ake wanke farare da shi, a tsame, a zuba masu kala a ƙara ɗan omo da bokiti ɗaya, a tsame, a zuba masu duhu. Wanki duka jarka uku. Sannan kowane zubi a matse shi tukun kafin ɗauraya, sai ɗauraya ɗaya ta jarka biyu ta isa. Jimla tara ke nan.

Anti Bilki: Wannan matsewa kafin ɗauraya shi ne sirrin wallahi, mutane ba su sani ba. In kika tsamo kaya daga ruwan omo kika jefa su kai tsaye cikin ruwan ɗauraya, kumfar duk ta bi su, sai ki yi ɗauraya uku ba ta fita ba. Amma in kika fara sa su a bakin matsewa minti biyu, ruwan omon ya fice, ɗauraya ɗaya tas. Kuma ni ruwan ɗaurayar farare ba na zubarwa, ina tara shi a baho ta tiyon, da shi nake wanke tsummokara da dardumar ƙofa, ragowar a wanke banɗaki. Abin da za ki kiyaye kawai atamfa mai zuba, ita kar ki haɗa ta da komai, ki bar ta ƙarshe ko ki wanke ta da hannu.

Ummu Sudais: To kun ji dai da bakin mai gyara, nawa ya fi naku tattalin ruwa. Jarka bakwai da tara. Kuma ni ban ɗaga bokiti ko ɗaya ba.

Ɗan Damagaram: Haka ne Hajiya, amma bakwai ɗin nan sai an hau da su cikin tanki tukun, mu kuwa mai ruwa a ƙofar gida yake sauke mana. Wa zai ɗaga bido bakwai sama mita biyu?

Maman Ilham: Tambayar da ke raina ke nan. Ranar da tanki ba ruwa muka sayi kura, ba za a iya zuba wa otomatik ɗin da bokiti ba kamar yadda ake yi wa ɗayan?

Baban Abba: Ana yi mana, ni na sha yi. Buɗe murfi kawai za ki yi ki zuba.

Sani Mai Gyara: A mai buɗewa ta sama ana yi, don shi yana gane yawan ruwa ne ta wani siririn tiyo na iska da ke gefen tukunya, bai damu da ta ina ruwan ya shigo ba, da ya kai layin da kika zaɓa zai fara juyawa. Sai dai dole ki tsaya a kansa, don da ya zubar ya matse zai sake neman ruwan ɗauraya, in ba ki kusa ya jira ya gaji ya tsaya da alamar nan. Wasu kuma suna kulle murfin ko su tsaya in an buɗe, sai kin danna dakatarwa kin zuba kin sake dannawa. Kin ga kin biya kuɗin otomatik kina aikin mai baki biyu, kuma jarka goma sha huɗu za ki ɗaga maimakon tara, tunda shi ba ya barin ki maimaita ruwan omo. Mai ƙofa a gaba kuwa ƙofar kullewa take yi, sai dai ki dinga tsiyaya ruwa ta aljihun da ake zuba omo, kaɗan-kaɗan don kar ya malalo. Ana yi don a ceci kayan da suka maƙale, amma ba abin da mutum zai mayar al'ada ba ne.

Ummu Sudais: Ni abin da ban ji kun faɗa ba shi ne kaya. Mai baki biyun nan faifan da ke ƙasansa murɗa kaya yake yi da ƙarfi, ƙanwata tana da shi, mayafanta duk sun yi tsilli-tsilli, hannun riguna suna nannaɗewa da juna. Leshi mai duwatsu ko shadda mai aiki ba za ki sa a ciki ba.

Anti Bilki: Shadda mai aiki ko a naki ba na ba da shawara a sa, wannan ta mai wanki da guga ce ko hannu. Mayafi kuma ki sa shi cikin rigar filo ki ɗaure bakin, ki murɗa kan mai laushi minti biyar. Masu lalata kaya su ne masu cusa kaya da yawa da ruwa kaɗan su kai agogon ƙarshe minti goma sha biyar. Kayan su dinga yawo a cikin ruwan, in kika ga sun tsaya cak faifai kawai ke gurzar na ƙasa to sun yi yawa, rage.

Malam Nura Sola: Ba wanda ya yi maganar wuta, kuma inda ruwa ke wahala galibi wutar ma haka take. Mai baki biyu moto biyu ne kawai da agogon murɗawa, na wanki wajen wat 300 zuwa 450 gwargwadon girma, na matsewa bai kai haka ba. Ƙaramin janareta yana ɗaukarsa in ba a haɗa da wasu kaya masu nauyi ba, inbata ma haka. In an ɗauke wuta a tsakiya ba abin da ya faru, in ta dawo ki sake murɗawa, in ba ta dawo ba ki tsame kayanki ki ƙarasa da hannu. Mai ƙofa a gaba yana da hita a ciki mai cin wajen wat 2000, in ba ki sa shi a `Cold` ba zai durƙusar da ƙaramin janareta nan take. Sannan yana da fanel na lantarki wanda wuta mai hawa da sauka ke kashewa, dole ki haɗa masa sitabilaiza. Ga wankinsa na auduga yana kai awa biyu ko fi, zubi uku kina buƙatar wuta ta zauna kusan rabin yini.

Ummu Sudais: Akwai gajeren wanki na minti talatin Malam Nura, shi nake sawa kullum. Kuma nawa in wuta ta dawo yana ci gaba daga inda ya tsaya.

Malam Nura Sola: Gajeren an yi shi ne don kaya kaɗan marasa dauɗa sosai Hajiya, ba yunifom ɗin yaron da ya yi ƙwallo a ƙasa ba. Ci gaban kuma ba duka ke yi ba, sai a duba kafin a saya.

Hajiya Mairo Kaduna: Ni ya taɓa kulle min kaya da ruwa a ciki aka kwana ba wuta, washegari duk sun yi tsami. Ashe wai akwai ɗan murfi a ƙasa ta gaba da ake buɗewa a tsiyaye ruwan ta wani ɗan tiyo sannan ƙofar ta buɗu, sai daga baya wani ya nuna min. Duk mai irinsa ya nemi wajen nan tun kafin ranar ta zo.

Maman Ilham: Malam Sani to shi mai baki biyun ba ya lalacewa ne? Don kar in ji alherinsa kawai.

Sani Mai Gyara: Yana lalacewa sosai Hajiya, sai dai gyaransa mai sauƙi ne kuma kayansa suna ko'ina, in kin shiga Sabon Gari za ki samu. Abin da ya fi kawo min shi ne moton matsewa. A ƙarƙashin tukunyar matsewa akwai wata roba da ke hana ruwa sauka kan moton, in ana jefa kaya a karkace tukunyar tana dukan gefe tana jijjiga, robar sai ta yage, ruwa ya dinga ɗiga kan moton har koyil ya ƙone. Maganinsa ki jera kayan a ciki ki danna su ƙasa daidai, masu nauyi a ƙasa, ki ɗora faifan robar nan da ke zuwa da injin a sama, kar ki yar da shi, shi ke hana safa ko ɗan kamfai tsallakewa ya faɗa tsakanin tukunya da jiki. In kin kunna kin ji yana buga gefe ƙwal-ƙwal, kashe ki gyara zaman kayan. Kuma ki sani bakin matsewa ya fi na wanki ƙanƙanta, abin da kika wanke zubi ɗaya wani lokacin sai kin raba shi biyu, babban bargo ma ba zai shiga ba sam.

Sauran su ne bel ya saki, ko kafasita ta mutu, alamarta ki ji moto yana gurnani amma ba ya juyawa sai an tura da hannu, in kin ji haka kashe da sauri kar ya ƙone. Sai ɓera, don ƙasan injin a buɗe yake, suna shiga su ci waya. Kuma yawancinsu ba su da famfon fitar da ruwa, gangarowa yake yi da kansa, don haka tiyon fitarwa dole ya kwanta ƙasa, in kina so ki tara ruwan a baho kamar Anti Bilki sai ki ɗora injin a kan dakali. Kar a bar shi a rana kullum, robar jikinsa tana ƙonewa ta fara tsagewa. Kuma don Allah soket ɗin ya zama mai waya ta uku ta ƙasa, a ɗaga shi sama inda ruwa ba ya kaiwa, kar a ja waya a ƙasa cikin jiƙa, kuma kar a sa hannu a bakin matsewa sai ya tsaya cak.

Wani abu da ya shafi ruwanku kai tsaye, ruwan kura da na famfon da ya daɗe bai zo ba yana zuwa da yashi da laka. Mai baki biyu bai damu ba, in kin bar jarka ta kwanta kin tsiyaye na sama shi ke nan. Otomatik kuwa akwai 'yar raga a inda tiyo ke shiga, yashi yana toshe ta, ruwan da dama ba ƙarfi sai ya ƙara raguwa. Ana kwance tiyon a zaro ragar da filaya a wanke da tsohon buroshi, duk wata ɗaya ko biyu in ruwan mai datti ne.

Baban Abba: Duk da haka ni ina nan kan bakana, a gidan haya ba za ta dawwama ba. In ta sayi mai baki biyu yau, gobe suka koma gida mai bohal, sai ta sake sayen wani. Gara a sayi mai kyau sau ɗaya a sa busta.

Anti Bilki: In sun tashi ta sayar mana Alhaji, mai baki biyu ba ya kwana a kasuwa. Kuma kuɗin otomatik mai ƙofa a gaba da busta da sitabilaiza da mai haɗa famfo, adashi ɗaya zai biya?

Ummu Sudais: To bayan nata fa? Har yanzu ba wanda ya amsa min wannan. Jarka tara wa zai ɗaga?

Ɗan Damagaram: Mu abin da muka yi, ganga muka ɗora kan dakali ta ɗan fi injin tsayi, mai ruwa yana juye bido a ciki da kansa, muka sa mata kan famfo a ƙasa da guntun tiyo zuwa injin. Mai baki biyu ba ya neman ƙarfin ruwa, ko tsiyaya ce zai cika. Uwargida ba ta ɗaga komai sai jiƙaƙƙun kayan.

Sani Mai Gyara: Wannan dabarar ta yi, kuma ita ma Hajiya ranar da tankinsu ke da ruwa tiyo kawai za ta ja daga famfon tsakar gida, 0.1 bar ɗin nan ya ishi mai baki biyu. Ni a yanayin da kika faɗa, tanki na mutum uku a kan ƙarfe mita biyu da sayen kura, mai baki biyu zan ce, mai kilo 8 zuwa 10 saboda zannuwan gado. Amma in baban yara ya dage kan otomatik, ku fara gwada wannan kafin ku biya: a famfon da za a haɗa injin, ranar da tanki yake rabi, ku tara bokitin lita 10 ku duba agogo. Ni a aikina in ya wuce minti biyu bai cika ba ba na haɗawa sai da busta. Kuma a shago ku sa a buɗe muku littafin wanda kuke so ku ga lambar da aka rubuta ta ƙarfin ruwa, kar ku tsaya kan maganar mai sayarwa.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa baban yara, ya ce zai gwada bokitin gobe da safe, amma yana tambaya ko za a iya sayen namu tankin ƙarami mu ajiye a ƙasa bayan ɗaki, 'yan garuwa su dinga juyewa a ciki, a sa bustar daga nan zuwa mai ƙofa a gaba, tunda shi ne jarka bakwai. Ni kuma wutar ce ke ba ni tsoro, unguwarmu ba ta cika zama awa uku a jere da rana ba.

Malam Nura Sola: Ta ɓangaren ruwa zai yi, Malam Sani zai fi ni sani. Ta ɓangaren wuta ki tambayi baban yara janaretanku nawa ne ƙarfinsa, ki turo lambar da ke jikinsa mu gani.

Sani Mai Gyara: Zai yi, amma a sa matata tsakanin tankin da bustar saboda yashin kura, kuma bututun fita ya ɗan ɗaga daga gindin tanki kar ya dinga jan laka. Ki turo hoton bayan ɗakin da inda magudanar ruwa take, in ga ko akwai wajen da injin zai zauna daidai a kan siminti.